Daga Kasuwa Zuwa Faranti: Yadda Ake Kafa Tsarin HACCP a Kicin ɗin Gidan Abinci a Yamai

Akwai wani gidan abinci a nan Yamai da na taɓa taya su gyara aikin kicin. Kujerunsa ba su wuce sittin ba, ma'aikatan kicin takwas ne, kuma suna fitar da faranti kamar 150 da rana. Wata ranar Talata a watan Afrilu suka kai abincin rana wurin wani taro, kafin wayewar gari mutane da dama daga cikin mahalarta suna ta murɗar ciki da zawo. Hajiya mai gidan ta kira ni ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, ka zo ka gani da idonka. Kicin ɗina ko shinkafa ta zube ƙasa sai ka tsince ka ci. Naman nan da kaina na sayo shi, kuma miyar ta tafasa har ta gaji."

Gaskiyarta ne, kicin ɗin tsaf yake. Laifin bai kasance a kasuwa ko a kan wuta ba. Yana cikin awannin da tukunya ta yi a ajiye bayan an sauke ta, kuma irin wannan wurin ne tsarin HACCP yake tonowa. An ƙirƙiro tsarin a Amurka a shekarun 1960, lokacin da kamfanin Pillsbury da hukumar NASA suke neman abincin da ba zai kwantar da ƴan sama jannati ba. A 1993 hukumar Codex Alimentarius ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓe shi a matsayin jagora ga ƙasashe. Ma'anarsa a taƙaice ita ce ka bi abinci mataki-mataki, ka gano inda haɗari yake shiga ko yake girma, ka zaɓi ƴan wuraren da in an yi sakaci babu wani mataki a gaba da zai gyara, sannan ka kafa musu iyaka da lamba, ka riƙa aunawa kana rubutawa. Zan bi matakan da abinci ɗaya, wato shinkafa da miyar gyaɗa da kaza, don shi ne ya jawo wa Hajiya wannan rigima.

Kafin a fara

HACCP ba ya zama a kan ƙazanta. Wurin wanke hannu da sabulu, ruwa mai tsabta, katakon yanka nama daban da na kayan salak, maganin ɓera da kyankyaso, da hana mai zawo ko mai miki a yatsa taɓa abinci, duk waɗannan tushe ne da ake gamawa tun farko. Ba zan tsaya a kansu ba.

Abin da za ka saya guda ɗaya ne: ma'aunin zafi mai tsinke, wanda ake cusawa cikin abinci. Ka gwada shi kafin ka yarda da shi. Cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, zuba ruwa kaɗan, tsoma tsinken ka jira minti ɗaya. Ya kamata ya nuna 0. In ya kauce da fiye da digiri ɗaya, ka gyara shi ko ka canza. A tafasasshen ruwa kuma zai nuna 99 ko kusa da haka a Yamai. Bayan kowane awo a wanke tsinken, kada ya zama shi ne mai kwaso cuta daga ɗanyen nama zuwa dafaffe.

Mataki na farko: zana hanyar abincin, sannan ka bi ta da ƙafarka

Ka zauna da babban kuku, da mai zuwa cefane, da yaron da yake rufe kicin da dare. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa da shi, alhali shi ya san abin da ake yi da ragowar tukunya. Ku rubuta hanyar a takarda: sayen kaji, kawowa, ajiya a firigo, yankawa, dafawa, ajiyewa da zafi har lokacin sayarwa, zubawa a faranti, hucewar ragowa, kwana a firigo, ɗumame.

Daga nan sai ka aje takardar ka tsaya a kicin tun daga safe har rufewa, da agogo a hannu. Abin da mutane suke faɗa daban, abin da hannunsu yake yi daban. A gidan Hajiya an ce mini ragowar miya tana shiga firigo da zarar an gama hidimar rana. Da na tsaya sai na ga ana sauke tukunyar da ƙarfe 11 na safe, ana ɗiba daga cikinta har bayan La'asar, sannan a tura ta ƙarƙashin tebur wai ta huce, don kada ta lalata firigo. Sai ƙarfe 9 na dare ake ɗaga ta gaba ɗaya, da murfinta, a cusa a firigon. Babu wanda ya yi mini ƙarya. A wurinsu wannan shi ne "da zarar an gama".

Mataki na biyu: mene ne zai iya cutar da mai ci a kowane mataki?

Haɗarin iri uku ne: ƙwayoyin cuta, guba ko sinadari, da abin da zai karya haƙori ko ya maƙale a wuya, kamar tsakuwa a shinkafa, tsinin ƙashin kaza, ko zaren soson ƙarfe da aka goge tukunya da shi. Na ukun ido da tsinta suke maganinsa. A ɓangaren guba, abin lura a wannan miyar shi ne gyaɗar kanta. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar aflatoksin, wadda dafuwa ba ta kashewa kuma take cin hanta a hankali. Maganinta yana wurin saye: ka sayi ƙwayar gyaɗa ka tsince mai baƙi da motsattsiya ka kai niƙa da kanka, ya fi ka sayi markaɗaɗɗiya da ba ka san abin da aka zuba ciki ba. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa sam, don haka ludayin miyar gyaɗa ba ya shiga wata miya.

Ƙwayoyin cuta su ne suke buƙatar a fahimce su sosai, domin ba halinsu ɗaya ba. Ɗanyar kaza tana zuwa da irin su salmonela, kuma waɗannan wuta tana gamawa da su. Amma akwai wasu biyu da suke da dabara. Suna iya zuwa a dunƙule kamar iri mai ɓawo, tafasa ba ta kashe shi. Da abincin ya fara hucewa sai irin ya tsiro, kuma yanzu fili nasa ne, tunda wuta ta kashe abokan gasa.

Ta farko ita ce kulostiridiyom, mai son nama da miya mai kauri, can ƙasan tukunya inda iska ba ta kai. Zafin da ta fi so shi ne digiri 43 zuwa 45, inda take iya ninka kanta cikin kusan minti goma. Wanda ya ci sai ya fara murɗar ciki da zawo bayan awa 6 zuwa 24, yawanci ba amai ba zazzaɓi. Ta biyu basilus ce, mai son dafaffiyar shinkafa. Ita guba take zubarwa a cikin shinkafar, kuma wannan gubar ko an sake soyawa tana nan. Alamarta amai ne cikin gaggawa, daga rabin awa zuwa awa shida bayan ci. Wannan bambancin lokaci yana taimakawa wajen bincike. Da aka ce mini mutanen taron cikin dare zawo ya kama su kuma babu mai amai, sai na bar shinkafa na nufi tukunyar miya.

Duk waɗannan ƙwayoyi suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da 60, wato zangon haɗari. To ka duba kicin ɗin Yamai a Afrilu ko Mayu, lokacin da inuwa ma take haura 40. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi suna maganar barin abinci ya huce a ɗaki, don ɗakinsu 20 ne. Namu ɗakin shi ne ainihin zafin da kulostiridiyom take nema. Ko da ninkawar ta zama duk minti ashirin ne, ƙwaya ɗaya za ta haura dubu huɗu cikin awa huɗu. Kuma miyar ba za ta yi tsami ko wari ba, ɗanɗanon kuku ba zai gane komai ba.

Mataki na uku: zaɓar wuraren da ba a wasa da su

A nan mutane suke ɓata tsarin, su mai da kowane mataki muhimmi, su cika bango da takardu ashirin da ba mai cikewa bayan sati biyu. Tambaya ɗaya ce take tacewa: in an yi kuskure a nan, akwai mataki a gaba da zai kawar da haɗarin? In akwai, to wannan wurin kulawa ce ta yau da kullum. In babu, shi ne wurin tsaro.

Ɗanyar kaza mai salmonela za ta hau wuta a gaba, don haka karɓarta daga kasuwa ba wurin tsaro ba ne, ko da yake za a kawo ta cikin kula da ƙanƙara a aje ta a ƙasan firigo inda jininta ba zai ɗiga kan komai ba. Dafuwa kuwa wurin tsaro ce, don bayanta babu wani abin da zai kashe salmonela. Ajiyewa da zafi ma haka. Hucewa ita ce babba, domin gubar da ta taru a lokacinta ɗumame ba lallai ya cire ta ba. Sai ɗumamen kansa. Huɗu ke nan, kuma sun isa ga wannan abincin. Kayan salak labarinsu daban ne, tunda ba sa hawa wuta, wanki da ruwan jabel shi ne wurin tsaronsu, kuma suna buƙatar tasu takardar.

Mataki na huɗu: kowane wurin tsaro da lambarsa

"A dafa sosai" ba iyaka ba ce, don sosai ɗin wani ba na wani ba ne. Ga dafuwar kaza, tsakiyar cinya mafi kauri, ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba, ya kai digiri 75. A miyar da ta daɗe tana tafasa wannan ba ya wuya. Inda ake faɗuwa shi ne gasasshiyar kaza, musamman wadda aka ɗora a gawayi cikinta bai gama narkewa daga daskarewa ba: waje ya yi ja har ya fara ƙonewa, wurin ƙashi kuwa da sauran jini.

Ga ajiyewa da zafi, abinci ya tsaya a digiri 63 ko sama. Miya ta zauna kan ƙaramar wuta ana juyawa. Shinkafa ta shiga kular da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, tana sauka daga wuta, a cika ta dam. Kular da take rabi, ana buɗewa ana rufewa, ba ta daɗewa take sauka ƙasa da iyaka. Shi ya sa ya fi a dafa shinkafa sau biyu, da hantsi da kuma bayan Azahar, a kan a dafa buhu guda da safe.

Hucewa tana da ƙa'idoji biyu da aka sani. Ta Faransa ta ce daga 63 zuwa 10 cikin ƙasa da awa biyu, amma wannan sai mai injin hucewa na musamman. Ta Amurka ta ce daga 57 zuwa 21 cikin awa biyu, sannan zuwa 5 cikin ƙarin awa huɗu. A ganina ta biyun ce kicin irin namu zai iya cikawa da gaskiya, ita na ba Hajiya. Ɗumame kuma ya kai 75 a tsakiya, cikin sauri, kuma sau ɗaya tak.

Yadda ake hucer da miya a zafin Yamai

Nan ne aikin yake, bari in daɗe kaɗan. Washegarin zuwana na auna tukunyar da ta kwana a firigo. Ragowar miya ce kamar lita 12. Da ƙarfe 7 na safe gefenta yana 9, tsakiyarta yana 24. Ta shafe kusan yini da dare guda a cikin zangon haɗari. Kuma zafinta ya ɗumama firigon, har naman da yake gefenta ya sha wahala. Tsoron da kukun yake yi na lalata firigo yana da tushe, maganin da ya zaɓa ne bai yi ba.

Abu biyu suke hana babbar tukunya hucewa: zurfi da kauri. Miyar gyaɗa tana da mai, ba ta motsi da kanta kamar romo, zafin tsakiya ba ya samun hanyar fita. Don haka da zarar an gama hidimar rana, kuku ya yanke shawarar abin da za a ajiye, a kashe wutar, a juye miyar a tire na ƙarfe mai faɗi, zurfinta kada ya wuce santimita 5, wato kamar yatsu uku. Tire mai tsawon santimita 50 da faɗin 30 yana ɗaukar lita bakwai da rabi a wannan zurfin, ke nan lita 12 tire biyu ne. Roba ba ta sakin zafi da wuri, a bar ta. Manyan yankan kaza a tsame su a shimfiɗa daban.

Iska kaɗai ba za ta kai miya 21 a ɗakin da yake 40 ba, ko da fanka goma aka kunna. Sai an haɗa da ƙanƙara. A fara ɗora tiren cikin baho mai ruwan famfo, ana juya miyar da ludayi mai tsabta, a canza ruwan sau ɗaya ko biyu. Wannan yana kwashe zafin farko a banza, ba a ɓarnatar da ƙanƙara ba. Da ta sauko wajen 45 sai a zuba ƙanƙara a bahon. Lissafin da nake bayarwa shi ne aƙalla kilo ɗaya na ƙanƙara ga kowane lita biyu na miya, a bazara a ƙara. Ana juyawa duk minti goma. A gidan Hajiya mun kai 20 cikin awa ɗaya da kwata. Daga nan tiren ya shiga saman firigo, murfi a ɗan karkace har ya gama sanyi, a liƙa masa takarda mai rana da lokaci. Shinkafa ta fi sauƙi: a baza ta siriri a tire, a warware ta da cokali, ta shiga firigo cikin awa ɗaya, a yi amfani da ita washegari ko a haƙura da ita.

Kukun, dattijo ne da ya girme ni nesa, da farko bai so ba. Ya ce, "Yaro, shekara talatin ina dafa miyar nan." Na ce, "Baba, ba hannunka nake tuhuma ba, ga ma'auni, tsoma da kanka." Da ya ga 24 a miyar da ta kwana a firigo, shi da kansa ya aika a sayo tire.

Mataki na biyar da na shida: wa zai auna, kuma in lamba ta kauce me za a yi?

Kowane awo da mai shi, da sunansa a takarda. Babban kuku yana auna kaza a kowace tukunya ko kowane zubi na gashi. Mai zuba abinci yana auna miya da shinkafa duk awa biyu. Mai rufe kicin yana rubuta lokacin da aka kashe wuta, da zafin bayan awa biyu, da zafin bayan awa shida ko da sassafe. Firigo ana duba shi safe da yamma, da ma'aunin da yake zaune a ciki.

Abin da za a yi in an kauce dole a rubuta shi tun kafin ranar, kuma mai gida ta sa hannu, domin ƙaramin ma'aikaci ba zai zubar da miyar kuɗi da ra'ayin kansa ba. Kaza ba ta kai 75 ba, ta koma wuta. Miya ta sauka ƙasa da 63 amma awon baya, na awa biyu da suka wuce, yana daidai, a tafasa ta nan take. In ba a san tun yaushe ta sauka ba, a zubar. Hucewa ba ta kai 21 a awa biyu ba kuma an gano a kan lokacin, a sake tafasawa a fara daga farko, sau ɗaya. In sai da safe aka gano, a zubar. Shinkafar da ta yini a ɗumi ba ta da gyara, kuma kada a ba ma'aikata ko almajirai da sunan sadaka, cikinsu ba na ƙarfe ba ne.

Ɗauke wuta ma yana cikin wannan takarda, don ba baƙo ba ne a bazara. A rubuta lokacin da ta tafi. Ƙa'idar da aka sani ita ce firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, cikakkiyar firiza kuma kwana biyu, amma a ɗakin da yake 40 kada ka dogara da kai wannan. A daina buɗewa, a cusa robobin ruwa da aka daskarar tun da wuri, in akwai janareta firigo ne farkon abin da za a jona, kafin fankar baƙi. Da wuta ta dawo a auna abincin kansa. Dafaffen da ya haura 5 fiye da awa biyu ba ya komawa faranti.

Mataki na bakwai: rubutu da bin sawu

Takarda ɗaya a rana ta isa, a rataye ta kusa da murhu da biro ɗaure da zare. Sau ɗaya a mako mai gida ta zauna ta duba. Akwai alamar da nake nema kullum: in na ga 75, 75, 75 jere, da biro ɗaya da hannu ɗaya har na kwana bakwai, na san a zama ɗaya aka cike ta. Awon gaskiya yana yawo, yau 81 gobe 77, wata rana 68 da bayanin an mayar wuta. Lokaci-lokaci mai gida ta ɗauki ma'auni ta auna da kanta ba sanarwa, kuma a sake gwajin ƙanƙara duk wata.

Masu kai abinci wurin taro ko biki su ƙara abu biyu. A auna kula lokacin fita da lokacin buɗewa a can, domin taro yakan ja, abincin ƙarfe ɗaya ya koma na ƙarfe uku. Sannan a ɗebi kamar giram 100 na kowane abinci a leda mai tsabta, a rubuta rana, a aje a firigo kwana biyar, yadda ake yi a manyan wuraren ciyarwa na Faransa. In ƙorafi ya zo akwai abin da za a kai ɗakin gwaji. Miyar da ta tafi taron ranar Talata, da muka bi sawunta, ragowar Litinin ce aka ɗan ɗumama aka haɗa da sabuwa a cikin kula, don haka a takardar gidan Hajiya muka ƙara layi ɗaya: tsohuwar miya ba ta haɗuwa da sabuwa, kuma ba ta fita waje.

Duk ranar da aka ƙara sabon abinci a jerin gidan, ko aka canza mai kawo kaji, ko aka sayi sabon firigo, a ɗauko takardar hanyar nan a sake bin ta da agogo. Da azumi ya zo muka sake tata gaba ɗaya, saboda dafuwa ta koma bayan Azahar, sayarwa ta koma Magariba, ragowar kuma tana jiran masu sahur, sai lokutan awo duka suka matsa.